Ƙashin yaro na yawan karyewa: a daina kwantar da shi wata da watanni

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 4, cinyarsa ta karye karo na uku daga 'yar faɗuwa a tsakar gida. A asibiti an ce ostiyojenesis imfafekta ce, wato cutar raunin ƙashi. Maɗori ya ce a kwantar da shi wata uku, kada ya motsa. Babansa ma ya sha karaya yana yaro. Ina tsoron ya gurgunce. Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: 'Yar'uwa, tarihin babansa ya nuna gado ne. Yawanci matsalar tana cikin COL1A1 ko COL1A2, ƙwayoyin gadon da ke sarrafa kolajin, wato zaren da ke riƙe ƙashi. Idan uba ko uwa na da ita, kowane ciki yana da kashi 50 cikin 100 na ɗauka. Babu maita a ciki. A rabon da wani likita mai suna Sillence ya yi wa cutar a 1979, nau'i na ɗaya ne mai sauƙi, farin ido ya yi shuɗi-shuɗi. Na biyu yakan kashe jariri, na uku yana lanƙwasa ƙafafu, na huɗu matsakaici ne. Yaron da ke tafiya da ƙafarsa galibi na ɗaya ne ko na huɗu.

Maganar wata uku kuwa, ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Ƙashin yaran nan yana haɗewa a kan lokaci kamar na kowa. Ƙashin da bai ɗauki nauyi ba kuwa zubewa yake yi, nama ma ya saki. A kwantar da yaro wata uku, ya tashi da ƙashin da ya fi na da rauni, ya sake karyewa, a sake kwantar da shi. Haka ake gurgunta su, sannan a ce ƙaddara. Ga jan ƙafa da ƙarfi wajen ɗori, wanda kan ɓalla wani wurin, ga ɗaurin kara mai matsewa har yatsu su kumbura su yi sanyi. In kin ga haka, a kwance ɗaurin, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Mu filasta marar nauyi muke sawa, mu cire da zarar hoto ya nuna ƙashi ya kama, yawanci cikin 'yan makonni, a fara taka ƙasa a hankali. Cinyar da ta lanƙwashe tana ta karyewa, ƙarfe ake zura mata ta cikin ɓargo. Faranti da kusoshi ba su cika riƙe irin wannan ƙashi ba.

Mai karayar cinya uku ya cancanci a duba masa batun bisfosfonet, wato magungunan ƙarfafa ƙashi. Ɗaya daga cikinsu, famiduronet, ta jijiya ake bayarwa, miligiram 1 ga kowane kilo a rana, kwana uku, duk wata huɗu. Yaro mai kilo 14 zai samu miligiram 14 a rana ke nan, amma ranar farko ta zagayen farko rabi ake ba shi. Kafin nan sai an auna kalsiyam da bitamin D da ƙoda. Zazzaɓi bayan ƙarin maganin na farko ba abin mamaki ba ne. Maganin yana ƙara kaurin ƙashi, ya rage ciwo, amma ba ya gyara kolajin, don haka karaya ba ta ƙare gaba ɗaya ba. Kada ki sayo masa ƙwayarsa a kasuwa.