Hoton bango kaɗai ba ya sayar da tsohon littafi

"Assalamu alaikum. Ina son sayar da tsofaffin littattafan sakandare na yarana da 'yan kayan rubutu. Na sa hotuna, amma kowa sai ya yi tambaya ya ɓace. Me zan rubuta?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe a wannan sana'a, kuma mafi yawan masu saye iyaye ne riƙe da takardar da makaranta ta ba su. Tsoronsu kada su saya malami ya ce ba shi ba ne.

Ki buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, inda aka yi ƙananan rubutu. Nan za ki ga kamfanin ɗab'i, da shekara, da ko bugu na nawa ne. Littafin lissafi bugu na uku da na huɗu suna iya kama a bango, amma malami ya ce a buɗe shafi na 112, yaro ya tarar da wani darasi daban.

A shafin ƙananan rubutun nan ko a bangon baya akwai ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane bugu na littafi. Ki kwafe ta duka, ki sake dubawa. Tun 2007 lambobi 13 ne, kafin nan 10 ne, wani lokaci da X a ƙarshe. Masu lambobi 13 na Najeriya suna farawa da 978-978. Idan an yi wa littafi gyara aka fitar da sabon bugu, sai a ba shi sabuwar lamba. In maimaita shi kawai aka yi, lambar ba ta canzawa. Sai dai masu satar fasaha har lambar suke kwafewa. Idan takardar shara-shara ce har rubutun baya yana leƙowa, hotuna sun dusashe, ki faɗa a fili. Wanda babu lamba, kamar wasu littattafan adabin kasuwar Kano, ki rubuta "babu ISBN", ki ɗauki hoton wancan shafin.

Harshe ma ki ambata: Turanci, Faransanci, Larabci, in Hausa ce kuma boko ko ajami.

Wajen yanayin littafi, "yana da kyau" ba bayani ba ne. Ki bi lambobin shafi, musamman na ƙarshe inda amsoshi suke, don su ke fara zubewa. Ga yadda nake rubutawa: "Lissafi, aji biyar na sakandare, Turanci, bugu na huɗu. Shafuka sun cika. An ja layi da biro a babi biyu, ruwa ya taɓa gefen ƙasa, gara ba ta ci ba." Sai in ƙara sunan marubuci, ISBN, farashi da unguwa. Littafin aikin da yaro ya cike da biro kuwa, ni ba na sa shi a kasuwa.

Kayan rubutu ba wuya: littafin rubutu mai warƙa 40, 60 ko 80 ne, kalkuleta kuma ki kwafi lambar samfurin da ke samanta, ki ɗauki hotonta a kunne.