Layinmu ba ya cikin taswira, ta yaya zan saka shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Gyallesu, Zariya. Na duba OpenStreetMap na ga babban titi amma layinmu babu shi, gidanmu ma babu. An ce kowa na iya gyarawa. Ina zan fara?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka, tun 2004 masu sa kai ne ke zana wannan taswira. Ka samu kwamfuta, don a fuskar waya aikin na da wahala. Ka buɗe asusu a openstreetmap.org, ka matso da taswirar daidai unguwarku, ka danna Edit. Hoton tauraron ɗan'adam zai fito, titunan da aka riga aka zana suna kwance a kansa.

Kafin ka zana komai, dubi babban titin nan: zanensa ya hau daidai kan kwaltar da ke hoton? Wani lokaci hoton yakan goce da 'yan mitoci. Danna B, jerin hotunan tauraron ɗan'adam zai fito, ka gwada Bing da Esri World Imagery, ka tsaya kan wanda ya fi dacewa da tsohon zanen kuma ya fi nuna sababbin gine-gine. Kada ka ja titunan mutane don su dace da hoton da ya goce.

Yanzu danna Line. Ɗigonka na farko dole ya sauka a kan zanen babban titin, ba kusa da shi ba. Za ka ga titin ya haskaka idan linzamin ya hau kansa. A nan yawancin sababbin hannu ke tuntuɓe. A ido layin ya taɓa titi, amma tunda ba su haɗa ɗigo ɗaya ba, manhajar nuna hanya ba ta san ana shiga ta wurin ba, sai ta tsayar da baƙonka a bakin titi. Alamar ita ce gargaɗi mai ruwan ɗorawa da ke fitowa cewa hanyar ba ta haɗe da kowace hanya ba. In kana shakka, ja ɗigon kaɗan: idan babban titin ya motsa tare da shi, sun haɗu. Sai ka danna Ctrl+Z ya koma wurinsa.

Daga nan bi tsakiyar layin, ɗigo a kowace kwana, ka danna ɗigon ƙarshe sau biyu.

Sai batun irin hanyar, kuma nan ne sanin ɗan unguwa ya fi na duk wanda ke zane daga nesa. A ce layinku mota na shiga har ƙofar masallaci, daga nan ya tsuke tsakanin katangu, sai mai babur da mai tafiya a ƙasa, irin lungunan da suka cika cikin ganuwa wajen Kwarbai. Wannan hanya biyu ce, ba ɗaya ba. Zaɓi ɗigon da ke daidai masallacin, danna X, layin ya rabu. Kashin farko ka ba shi Residential Road, bayanansa a sashen Tags su zama haka:

```
highway=residential
surface=unpaved
```

Na biyu ka ba shi Path, ka nuna babur na wucewa:

```
highway=path
motorcycle=yes
```

In ka bar shi duka a matsayin titin mota, wata rana direban da ya ɗauko kayan amarya zai kutsa ya rasa wurin juyawa.

Suna kuma, sa wanda ke kan allo ko wanda jama'ar unguwa suka san layin da shi. In ba shi da suna, bar gurbin haka nan. Kwatance irin "bayan gidan mai" ba suna ba ne. Kada ka kwafo komai daga Google Maps, dokar lasisi ta hana, kuma ana goge abin da aka kwafo.

Gini ya fi sauƙi. Danna Area, bi gefen rufin kwano, zaɓi Building, danna Q kusurwoyin su miƙe. Abu ɗaya dai: gidan gargajiya mai zaure da tsakar gida ba gini ɗaya ba ne. Kowane rufi da zanensa, tsakar gida a bar ta fili. Ni ban ga dalilin sa sunan maigida a kai ba, duk duniya ce ke ganin taswirar.

Danna Save, rubuta abin da ka yi a taƙaice, ko da Hausa ne, sannan Upload. A shafin kansa gyaran kan bayyana cikin mintuna. In bai fito ba, sabunta shafin. Manhajojin waya irin OsmAnd da Organic Maps sai sun fitar da sabuwar taswira ka sauke, wanda kan ɗauki makonni. Google Maps kuwa rumbunsa daban ne, wannan gyaran ba zai kai can ba.