Wane bayani ne sai an kawo majiyarsa?

Tambaya: Ni sabon ɗalibi ne, in ina rubuta aikin makaranta ya zan gane abin da kowa ya sani da wanda dole sai na faɗi inda na samo shi?

Ɗan'uwa, dabarar da nake bi ita ce in tambayi kaina, in mai karatu ya ce "a ina ka ji?" zan iya cewa ai kowa ya sani, ko kuwa sai na ɗauko littafi? Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, Shehu Usman Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, waɗannan duk littafin tarihin da ka buɗe za ka gani kuma ba mai gardama, to rubuta abinka kawai. Amma da ka ce ga dalilin da ya sa jihadin ya yi nasara to ka shigo fassarar masana, kuma sun saɓa, sai ka faɗi wanda ka bi. Haka alƙaluma irin yawan mutanen Kano, da maganar wani da ka kwafo, ko da ka sauya kalmomin. Inda aka fi zamewa shi ne abin da ku 'yan gari kuka sani amma malamin da zai duba bai taɓa ji ba, wannan kam sa majiya, in ma kana shakka sa kawai.