Na gyara gidan Yayana da kuɗin haya ba da izininsa ba, ko zan iya cirar la'adata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Yayana yana zaune a Jidda, yana da gida mai sassa huɗu a Rijiyar Zaki, Kano, kowane sashe naira 400,000 a shekara. Shekara shida ke nan ni nake karɓar hayar. Ya taɓa turo mini saƙon murya cewa duk gyaran da ya haura 50,000 kada in taɓa sai na gaya masa, sauran kuɗi in zuba masa a asusunsa. A watan Agusta iska ta yaye kwanon sashe ɗaya, ruwa yana zuba a kan masu haya. Na yi ta kiransa kwana tara ban same shi ba, ashe wayarsa ce ta ɓata. Na kashe 310,000 a kwano da katako da ƙusa da kuɗin kafinta, aka gama a kwana na biyar. A kwana na goma sha biyu na sa aka sake silin aka yi wa gidan fenti, shi kuma 140,000. Yanzu ya ce bai yarda da ko ɗaya ba. Sannan wani almajiri ya ce mini tunda ban taɓa karɓar ko sisi ba, ya halatta in cire kashi goma cikin ɗari kamar yadda dillalai suke yi, ba sai ya sani ba, ya kafa hujja da hadisin Hindu matar Abu Sufyan. Akwai kuma 200,000 da na ara a ciki na sa a shagona, zan mayar. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka cire, kuma ka faɗi har abin da ba ya yi maka daɗi.

Wakilcinka ya inganta, saƙon murya ya isa ya ƙulla shi, kuma iyakar 50,000 da ya sa maka sharaɗi ce da ta hau kanka. Kuɗin gyaran rufi na mai gida ne, babu mai ɗora wa ɗan haya. Waɗannan ba su da wani tsawo.

Abin da na tsaya a kai a cikin tambayarka shi ne kwanakin da ka lissafa da bakinka. Ka ce kwana tara ba ka same shi ba, an gama kwano a kwana na biyar, an fara silin da fenti a kwana na goma sha biyu. Ka ga ashe aiki biyu ka yi, kuma hukuncinsu ya bambanta, ko da a wurinka duk gyara ɗaya ne.

Kwanon ka yi shi ne lokacin da mai dukiya ba ya samuwa, dukiyar kuma tana lalacewa a idonka. Imamul Bukhari ya kawo a babin wakilci cewa wata baiwa tana kiwon tumakin Ka'abu ɗan Malik a dutsen Sal'u da ke Madina, ta ga ɗaya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, aka tambayi Manzon Allah (SAW) ya ce a ci. Ba wanda ya ba ta izinin yanka, amma da ta jira izini da mushe za a tarar. Bukhari ya sa wa babin suna da ke nuna makiyayi ko wakili idan ya ga abu zai ɓaci, ya gyara abin da ake tsoron ɓacinsa. Gidan da ba rufi a Agustan Kano irin wannan tunkiyar ce. Ruwa zai jiƙa katako, ya shiga bango, ya taɓa wayoyin wuta, ɗan haya ya kwashe kayansa ya nemi ragowar kuɗinsa. Yayanka ya sa iyakar ne don ya tsare dukiyarsa, ba zai yiwu a ce yana nufin a bar ta ta rushe don a kiyaye maganarsa ba. Saboda haka 310,000 ɗin a kansa take, da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, ka neme shi ta kowace ƙofa: ka bar masa saƙo, ka kira maiɗakinsa ko abokin zamansa a can. Na biyu, babu wata dabara mai araha da za ta riƙe gidan har ya bayyana. Idan kafintoci masu gaskiya suka ce tamfol na ƙasa da 50,000 zai iya tare ruwan na mako biyu, to larurarka a nan ta tsaya, abin da ya ƙaru sai da yardarsa. Idan suka ce sashe guda da iska ta ɗauke ba tamfol ɗin da zai zauna a kansa, ka kuɓuta. Wannan magana ce ta masu sana'ar, su za a tambaya. Ka haɗa rasiɗai da hotuna, ka sa masu hayar su gaya masa abin da suka gani, domin amintakar wakili tana ɗaukar maganarsa a cikin iyakar da aka ba shi, idan ya haura ta sai ya kawo shaida.

Silin da fenti kuwa, a kwana na goma sha biyu Yayanka ya riga ya dawo kan waya da kwana uku. Me ya hana ka ɗaga waya? Ni dai ina zaton ka san zai ce a dakata, shi ya sa ka ga gara ya tarar an gama. Fenti bai taɓa zama larura ba, silin da ya jiƙe kuma ana sauke shi a jira. Wannan 140,000 ta rataya a kan yardarsa: in ya yarda ta wuce, in ya ƙi kai za ka biya, duk da gidansa ne ya yi kyau. Ba a tilasta wa mutum sayen alherin da bai nema ba. Shi kuma, in wannan amsar ta kai gare shi, ina ba shi shawara ya ɗauki kuɗin silin, tunda ko ba daɗe sai ya yi shi, ya bar maganar fenti a tsakaninku.

Sai fatawar almajirin nan, wadda ita ce ta fi damuna, don na sha jin ta a bakin masu riƙe da gidajen 'yan'uwansu da ke Saudiyya da Turai.

Mas'alar da yake nufi sananniya ce, malamai suna kiranta mas'alatuz zafar: mutum yana bin wani haƙƙi, ya hana shi, sai dukiyar wancan ta faɗo hannunsa, shin zai ɗebi gwargwadon haƙƙinsa? Shafi'awa sun halatta, Hanafawa sun halatta idan jinsin dukiyar ɗaya ne, Hambalawa sun hana a mashahurin zancensu, malamanmu Malikawa kuma sun yi saɓani musamman idan dukiyar ajiya ce aka ba ka. Ba na musun saɓanin. Abin da nake musu shi ne a ce kana cikinsa. Duk waɗanda suka halatta suna magana ne a kan haƙƙi tabbatacce da aka nema aka hana. Hindu 'yar Utba matar Abu Sufyan ce, ciyar da ita da ɗanta wajibi ne da aure ya tabbatar, duk Makka ta san dalilinsa, kuma ta kai kuka ne cewa mijin marowaci ne ba ya ba ta abin da zai ishe su. Sannan aka ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon abin da aka saba. Kai wane ne ya tabbatar maka da kashi goma? Ba ku yi yarjejeniya ba, ba ka taɓa nema ba, balle a ce ya hana ka. Kai ka yanka wa kanka farashi, kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne kuma mai riƙe da kuɗin.

Almajirin zai ce ai al'ada kamar sharaɗi ce. Haka ne, amma al'adar wa? Wannan ƙa'idar tana aiki a kan wanda aka san yana cin abinci da wannan aikin, kamar dillali ko lauyan da ke kula da gidaje, wanda duk mai ba shi gida ya san da lada zai yi. Al'adarmu a kan ƙane da gidan wansa kuwa zumunci ce, ana yi masa ihsani da salla ko a aiko masa da tsaraba. Al'adar da zai kafa hujja da ita ma a kansa take. Ga shi kuma la'adar da dillalai suke karɓa lokacin kama gida, a mafi yawan lokuta sabon ɗan haya ne yake biya, ba a cikin kuɗin mai gida ake yanka ba. Kuma shirun da ka yi shekara shida kana tura kuɗi cif-cif shaida ce cewa don Allah da zumunci ka yi. Abin da aka bayar kyauta ba ya komawa bashi don rai ya ɓaci daga baya.

Ka lura da kalmar da ya ƙara maka, wai ba sai ya sani ba. In haƙƙi ne me ya kawo ɓoyo? Don ka cire 160,000, wato kashi goman hayar shekara ɗaya, a ɓoye dole ka rubuta masa lissafin ƙarya, ko ka ce wani ɗan haya bai cika ba, ka ɗora wa bawan Allah bashin da ya riga ya biya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Yayanka ko ha'intarka bai yi ba, faɗa kawai kuka yi a kan fenti.

Ba na cewa wahalarka ba ta da daraja. Bin masu haya a watan biya, da kiran mai famfo, da zuwa sulhu idan maƙwabta sun yi rigima a kan kwata, aiki ne mai cin lokaci. Ya halatta ka ce masa: Yaya, daga bana ina son kaso kaza, in ba haka ba a nemi wani. Wakilcin da ba lada kana da damar ajiye shi, sai dai ka sanar da shi da wuri, kada ka saki gidan a tsakiyar damina. Na shekarun baya kuwa roƙo ne, in ya ba ka halal.

Ita 200,000 da ke shagonka, ka mayar da ita a wannan makon ko da za ka karyar da kaya. Umarnin da ke hannunka shi ne ka zuba masa a asusu, riƙewar kanta saɓawa ce, kuma tun ranar da ka taɓa kuɗin suka zama lamuni a wuyanka, ko gobara ce ta ci shagon sai ka biya. Ka gaya masa da bakinka kafin ku zauna maganar kwano, domin idan ya gano da kansa ba zai ƙara gaskata rasiɗinka ko ɗaya ba, har na gaskiyar.

Idan kun shirya, ku sake tsarin. Iyakar 50,000 da aka sa shekarun baya yau ko buhun siminti goma ba za ta saya ba, ku ɗaga ta. Ku rubuta abin da za ka yi idan an neme shi kwana biyu ba a samu ba, da sunan wani babba a gida da za ka shawarta a madadinsa. Masu haya su riƙa biya kai tsaye a asusunsa, a bar maka wani abu sananne na gyara a asusu dabam da naka. Saƙon muryar nan kuma ka tura shi wani wuri ka adana, kada ya tafi da waya kamar yadda tasa ta tafi.

Allah ne mafi sani.