Lilo a jikin ƙarfe da maganin tsawo: me ke ƙara tsayi?

Tambaya: Yaya, shekarata 17, tsayina santimita 165. Kullum da safe ina lilo a jikin ƙarfe, na kuma daina shan gahawa don an ce tana tsumburar da mutum. Na ga wani maganin tsawo a intanet, naira 25,000. In saya? Babana 170 ne, mamana 158.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka, kar ka saya.

Tsayi daga dogayen ƙasusuwa yake fitowa, musamman na cinya da na ƙwauri. Kusa da bakin kowannensu akwai guringuntsi, daga nan ƙashi yake tsawo. Idan balaga ta kammala sai wurin ya daskare ya zama ƙashi, a mata galibi tsakanin shekara 14 zuwa 16, a maza 16 zuwa 18, wasu su ɗan wuce haka. Da zarar ya rufe, babu ƙwaya ko garin magani da zai sake buɗe shi. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka san me ke cikin kwalbar ba. In akwai sinadarin mazakuta irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha, yana iya rufe wurin tun lokaci bai yi ba.

Gado ne ke da kaso mafi yawa, kusan 80 cikin 100. Likitoci na haɗa tsayin uba da na uwa, su ƙara 13 in namiji ne, su raba biyu. Naka 170 da 158 da 13 sun ba da 341, rabinsa 170 da rabi. Mutum kan wuce wannan ko ya gaza da kamar santimita 8, don haka kana cikin zangon gidanku, kuma mai yiwuwa da sauran tafiya.

Lilon da kake yi yana ƙarfafa hannu da kafaɗa, ci gaba da abinka. Amma ɗan ƙarin da za ka gani bayan ka sauko daga faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yake, waɗanda ke sakewa sannan nauyin jiki ya sake danne su. Shi ya sa kowa ya fi tsayi da asuba da santimita 1 ko 2.

Gahawa ba ta taɓa guringuntsin nan. Illarta a sha da dare ta hana barci, alhali cikin barci mai nauyi jiki ya fi fitar da sinadarin girma. Abinci kuma yana kai ka inda gado ya yanka maka ne kawai, ba ya tsallake da kai. Wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da zogale sun wadatar.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Tsaya jikin bango da safe ba takalmi, wani ya ɗora littafi a kanka ya ja layi da fensir. Maimaita bayan wata shida. In layin ya motsa, kana girma. In kuma har yanzu muryarka ba ta buɗe ba, ko kana da sikila, wadda kan jinkirta balaga, je asibiti. Hoton ƙashin hannun hagu zai nuna wa likita ko wurin yana buɗe.