Kalsiyam ga mai tsakuwar ƙoda: wanne za a saya, yaushe za a sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 58, ina sayar da atamfa a Agege. Na faɗi na karye a wuyan hannu, likita ya ce ƙashina ya yi rauni, in riƙa shan kalsiyam. A kemis an nuna mini iri biyu: kabonet mai lamba 1,250 da sitiret mai lamba 950, wanda ya fi tsada. Yaron shagon ya ce in ɗauki kabonet in sha biyu da safe. Amma ina shan omefirazol saboda olsa, kuma shekara uku da suka wuce an cire mini tsakuwa a ƙoda. Wanne zan saya? Ba zai dawo mini da tsakuwar ba? Hajiya, daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. A halin da kike ciki sitiret ya fi dacewa da ke, amma ba a yadda aka ce ki sha ba, kuma wataƙila ba ki buƙatar yawan da aka faɗa miki.

Mu fara da lambar da ke jikin kwalba, domin nan ake yawan ruɗewa. Lambar nan nauyin dukan sinadarin ce, ba zallar kalsiyam ɗin da ke ciki ba. A kabonet, kashi 40 cikin ɗari ne kalsiyam, don haka ƙwayar miligiram 1,250 tana ba ki 500. A sitiret kashi 21 ne kawai, ƙwayar 950 tana ba ki kusan 200. Kin ga sai kin sha sitiret biyu da rabi kafin ki kamo kabonet ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, tsadarsa ta wuce abin da kika gani a kan kanta. Kamfanoni suna bambanta, saboda haka ki sa mai kemis ya nuna miki layin zallar kalsiyam a bayan kwalbar, ya kuma faɗa miki ko na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu. Ki duba lambar rajistar hukumar magunguna tun kuna wurin.

To me ya sa na ce ki biya kuɗin? Kabonet ɗan'uwan alli ne, ba ya narkewa sosai sai ya tarar da ruwan tsami a tumbi. Omefirazol kuwa aikinsa ke nan, rage wannan tsamin. Mai shansa, in ta haɗiye kabonet da safe ciki babu komai, mafi yawansa wucewa zai yi, ya bar ta da kumburin ciki da taurin bayan gida. Sitiret bai damu da tsamin ba. Idan aljihu ya ƙi, kabonet ɗin ma yana aiki, da sharaɗin ki sha ɗaya tak a tsakiyar cin abinci, ba kafin ci ba, ba kuma bayan awa ɗaya ba.

Maganar biyu a tashi ɗaya kuwa, ki ajiye ta. Hanji yana ɗaukar kalsiyam da kyau ne idan bai wuce miligiram 500 a lokaci guda ba. Abin da ya haura haka, rabon da jiki ke samu raguwa yake yi. Mace da ta wuce hamsin tana buƙatar kusan 1,200 a rana, kuma wannan lissafin har da na abinci. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. Tuwo da miyar kuka, zogale, kifin gwangwani da ake ci har ƙayarsa, da busassun ƙananan kifaye irin na kasuwar Mile 12, mu ce sun ba ki wani 300 a rana mai kyau. Saura 600. Wato sitiret uku: ɗaya da karin kumallo, ɗaya da abincin rana, ɗaya da tuwon dare. Ranar da kika sha kindirmo sau biyu, ki rage ɗaya ko biyu. Kada abinci da ƙwaya a haɗe su wuce 2,000.

Yanzu tsakuwar, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Tsoronki yana da tushe. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2006, kan mata sama da dubu 36 da suka daina al'ada, waɗanda aka ba kabonet mai zallar kalsiyam 1,000 a rana tare da bitamin D sun fi sauran samun tsakuwa da kashi 17 cikin ɗari. Sai dai da yawansu dama suna samun isasshe daga abinci, aka ƙara musu a kai. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ƙauracewa kalsiyam ɗin abinci ma yana jawo tsakuwa. Yawancin tsakuwa haɗuwar kalsiyam ce da wani sinadari mai suna okzalet, wanda ke da yawa a alayyafo, gyaɗa, koko na cakulan da baƙin shayi. Idan su biyun suka gamu a hanji, sai su manne su fita ta bayan gida. Idan okzalet ya shiga jini shi kaɗai, ƙwayar kuma ta biyo baya daga baya, a ƙoda za su haɗu. Shi ya sa ko da sitiret yana shiga ba tare da abinci ba, ke dai da abinci za ki riƙa shansa, kada ki sha lokacin kwanciya ciki wayam. Sinadarin sitiret ɗin kansa yana hana ƙwayoyin tsakuwa curewa a fitsari, wannan ma wani dalili ne na zaɓensa, amma ba garkuwa ba ne.

Abu biyu sun fi nau'in ƙwayar tasiri a kan ƙodarki: ruwa da gishiri. Na san halin 'yan kasuwa a Legas, ana ƙin shan ruwa saboda cunkoson hanya da rashin wurin kewayawa, ga zufa tana zuba. Wannan ɗabi'ar tana damuna ƙwarai, domin ita ke mayar da mutane da yawa asibiti. Ana so fitsarinki ya kai lita biyu zuwa biyu da rabi a rana, wato ki sha leda biyar zuwa shida na fiya wata, ki ƙara ranar zafi. Alamar ita ce fitsari ya fito fari-fari, ba ja kamar shayi ba. Gishiri da dunƙulen magi kuwa suna tura kalsiyam cikin fitsari, su kwashe shi daga jiki su tara shi inda ba a so. Ki rage su a miya.

Kafin ki fara, ki koma wurin likitan ki gaya masa tarihin tsakuwar, ki nemi a auna kalsiyam ɗin jininki da aikin ƙoda. Karaya da tsakuwa a mutum ɗaya wani lokaci alama ce ta wata 'yar halitta a wuya, paratayirod, da ke aiki fiye da kima tana zuƙe kalsiyam daga ƙashi. In ita ce, ƙwaya ƙara dagula lamarin za ta yi, maganin daban ne. Ki tambaye shi ko har yanzu kina buƙatar omefirazol kullum, domin daɗewa a kansa yana da alaƙa da raunin ƙashi, amma kada ki daina da kanki. Ki kuma tambayi batun hoton auna ƙarfin ƙashi da bitamin D, domin wadda ta riga ta karye sau da yawa kalsiyam kaɗai ba ya isar ta, sai an haɗa da maganin ƙashi na musamman.

Idan kina shan maganin ƙarin jini, ki raba shi da kalsiyam da awa biyu. Maganin maƙoƙo na tayirod, awa huɗu. Sifirofiloksasin da ake bayarwa don taifot ko ciwon fitsari, ki sha shi awa biyu kafin kalsiyam ko awa shida bayansa. In kuma kika ji ciwo mai tsanani a kwiɓi yana gangarowa mara, ko kika ga jini a fitsari, ko ƙishirwa da yawan fitsari da tashin zuciya suka dame ki, ki dakatar da ƙwayar ki tafi asibiti a ranar.