Tambayar da ba a tsintar amsarta a littafi

"Malamai, zan yi wa ɗalibaina jarrabawar darasin lantarki, kuma za su shiga da littattafansu. Yaya zan tsara tambayoyin don kada su kwafo min abin da na rubuta musu a allo?"

Malam, gwajin farko mai sauƙi ne. Ka karɓi littafin ɗalibin da ya fi kowa cika rubutu, ka nemi amsar kowace tambaya a ciki. Wadda ka ɗora yatsa a kan amsarta cikin minti ɗaya, soke ta. Duk mai farawa da "kawo", "lissafa" ko "mene ne" nan take faɗuwa. Haka ma misalin da ka yi a aji ka sauya masa lambobi kawai, don yaro zai bi sahun aikinka layi-layi ba tare da ya san dalili ba.

Abin da ya fi aiki shi ne ka ba su amsar da ke da kuskure, su gano inda aka kauce. Ga misali da dokar Ohm, V = IR. Batir mai 12 V, an haɗa masa rizista biyu a jere, ɗaya 4 Ω ɗaya 2 Ω. Wani ɗalibi ya ce I = 9 A. Ina ya yi kuskure, kuma mece ce amsar daidai?

Dokar na nan a littafinsa, amma ba za ta faɗa masa daga ina 9 ta fito ba. Sai ya lura cewa an raba 12 da 4 an sami 3, an raba 12 da 2 an sami 6, aka tara, wato an ɗauki haɗin kamar na gefe-da-gefe ne. A jere kuwa R = 6 Ω, saboda haka I = 2 A. Daga nan ka ƙara masa gaɓa ta biyu: in aka cire mai 2 Ω aka sa 8 Ω, me zai sami V na mai 4 Ω, kuma don me? Zai sauko daga 8 V zuwa 4 V, tunda I ya koma 1 A.

Kada ka saka lambar da ka ga dama kawai a matsayin amsar kuskuren. Dole kuskuren ya zama irin wanda ɗalibai ke yi da gaske, in ba haka ba babu zaren da za su bi.

Wajen rabon maki, cikin 10 ka ba rubuta dokar 1 kacal, gano kuskuren 3, gyaran lissafi 2, gaɓa ta biyu da bayaninta 4. In ka tara makin a kan dokar, ka koma gidan jiya.

Sai lokaci. Ka amsa takardar da kanka kana duba agogo, ka ninka sau uku, don buɗe shafuka ma yana cin mintuna. Wajen duba takardu kuma, in ka ga jimla iri ɗaya sak tana maimaituwa a amsoshi da yawa, ka fara duba ko kalamanka ne na allo kafin ka zargi kowa da satar amsa.